Yadda ake wasa wuƙa a kan dutse: jerin duwatsu da tsayar da kusurwa

Duk shekara idan Babbar Sallah ta matso, tambaya biyu ce ake ta yi mini a nan Damagaram. Wani ya ce ya wasa wuƙarsa har hannunsa ya gaji, bakinta ya yi ƙyalli, amma ko tumatir ba ta yanka. Wani kuma ya ce tasa ta yi kaifi da safe, amma kafin a gama fiɗar rago ɗaya ta dakushe. Na farko ya bar dutse mai kaushi tun bai gama aikinsa ba. Na biyu kuwa, ko dai ya kwantar da wuƙar fiye da yadda ƙarfenta zai iya ɗauka, ko ya bar leɓen ƙarfe, wato siririn ƙarfen da washi ke lanƙwasowa, a bakinta yana zaton kaifi ne.

Zan bi aikin da wuƙa guda: wuƙar girki irin ta kasuwa, ta ƙarfen da ba ya tsatsa, tsawon ruwanta santimita 20, faɗinsa kusa da mariƙi santimita 4 da rabi. An daɗe ana goga ta a dakalin siminti, kuma tana da ɗan giɓi kamar milimita 1 a tsakiya, inda aka sari ƙashin kaza. Wuƙar farauta tana da nata bayani a ƙasa.

1. Haɗa kayan aiki

Lambar da ke jikin dutsen washi tana nuna girman ƙwayoyin da ke cin ƙarfe. Ƙaramar lamba, manyan ƙwayoyi, dutse mai kaushi. Babbar lamba, dutse mai laushi. Matakai uku ake buƙata: mai kaushi tsakanin 220 da 400 don gyaran baki, matsakaici wajen 1000 don fitar da kaifi, sai mai laushi daga 3000 zuwa sama, wanda ba kowace wuƙa ce ke buƙatarsa ba.

Dutsen nan mai fuska biyu da ake samu wajen masu kayan ƙarfe a Kasuwar Dole shi ne mafi sauƙin kuɗi a cikin duwatsu, kuma yana aiki. Sai dai a sani, yawancinsu fuskokin biyu duk masu kaushi ne, ko wadda ake cewa mai laushi ba ta kai 1000 ba. Ya isa matakin farko kawai. Duwatsun Japan da faranti mai ƙwayar daimon sun fi shi tsada nesa ba kusa ba, kuma sau da yawa sai an yi saƙo daga Kano ko Yamai. Wanda aljihunsa bai kai ba, kada ya damu. Ya sayi samfefa irin wadda masu fentin mota ke jiƙawa da ruwa, ya shimfiɗa ta a kan gilashi mai kauri ko tayil. Falle biyu ko uku za su yi wuƙaƙen gida duka. Idan kuɗin dutse ɗaya mai kyau gare ka, sa shi a kan 1000. Na 6000 ko 8000 ado ne ga wanda bai riga ya iya na 1000 ba.

Sauran kaya: maka baƙa, wato alƙalamin tawada mai kaurin baki, fensir, ƙaramar rula, tsumma, buta da ruwa, da ƙyallen fata mai kauri. Fata ba ta wuya a garin dukawa.

Gargaɗi: lambar samfefa da lambar dutse ba ma'auni ɗaya ba ne. Samfefa tana zuwa da harafi a gaba, kamar P400. A lambobin ƙasa kusan daidai suke, amma idan aka hau sama sai su rabu: abin da ya yi kusa da dutsen Japan mai lamba 1000 shi ne P1500. Haka kuma dutse mai araha da aka buga wa 1000 da 6000, kada ka gaskata tawada. Shafa yatsa, sannan ka duba irin zanen da yake bari a ƙarfe.

2. Shirya dutsen

Tsoma dutsen ruwa cikin roba har kumfa ta daina tasowa, minti 5 zuwa 10. Bayan haka abin da za ka riƙa yayyafawa bai wuce kofi ɗaya ba, don haka ko a unguwar da famfo ke yin kwanaki bai zo ba, aikin ba ya cin ruwa. A lokacin hunturu dutsen yana bushewa da sauri, sai ka ajiye butar kusa da hannu. Shimfiɗa jiƙaƙƙen tsumma a ƙarƙashinsa don kada ya zame.

Kafin wuƙa ta hau, duba ko dutsen ya lotsa. Aza gefen rula a kansa ka kalli haske. Idan haske na wucewa ta tsakiya, ya yi kwari, kuma a kan dutse mai kwari babu hannun da zai iya tsayar da kusurwa. Zana layuka da fensir a tsaye da a kwance, ka kifa dutsen a kan P120 ko P220 da ke bisa gilashi, ka goga da ruwa har zanen fensir ya ɓace gaba ɗaya.

Gargaɗi: dutsen da aka taɓa sa wa mai ya zama na mai, ruwa ba zai ƙara shigarsa yadda ya kamata ba. Kada kuma a sa man gyaɗa, domin yana daskarewa ya yi danƙo ya toshe ƙwayoyin. Idan na mai ne, man keken ɗinki ya fi.

3. Zaɓi kusurwa, ka auna ta

Kusurwar da ake nufi ita ce ɗagawar da ke tsakanin jikin wuƙa da fuskar dutse, a gefe ɗaya. Idan ka wasa kowane gefe a digiri 20, bakin gaba ɗaya ya zama digiri 40. Ƙaramar kusurwa tana ba da baki siriri mai shiga abu da sauƙi, amma ba shi da ƙarfen da zai tokare shi, sai ya lanƙwashe ko ya ɓalle. Babbar kusurwa tana daɗewa, amma tana buƙatar dannawa.

Ƙarfen ne ke yanke hukunci, tare da aikin da wuƙar ke yi. Wuƙa mai ƙarfe mai tauri, wadda ba ta taɓa komai sai albasa, tumatir da tsokar nama, tana ɗaukar digiri 15. Wuƙaƙen kasuwa na ƙarfen da ba ya tsatsa yawanci ƙarfensu mai taushi ne, 20 ta fi musu. Wuƙarmu mai giɓi ta riga ta nuna cewa ƙashi take haɗuwa da shi, saboda haka 20 za mu ba ta.

Ba sai da wata na'ura ba. Auna faɗin ruwan wuƙar daga baki zuwa baya. Idan ka aza bakin a dutse ka ɗaga bayan da kashi ɗaya cikin huɗu na faɗin, kana wajen digiri 15. Idan ka ɗaga da kashi ɗaya cikin uku, kana wajen 20. Tamu faɗinta santimita 4 da rabi ne, ke nan bayanta zai tashi santimita 1 da rabi daga dutse. Jera sulalla har tsayinsu ya kai haka, ka auna da rula, ka aza bayan wuƙar a kansu. Tsaya ka kalli ratar, ka ji yadda wuyan hannunka ya zauna, sannan ka janye sulallan. Duk lokacin da ka ji hannu ya fara mantuwa, dawo da su.

Mutane suna ta gardama a kan 17 ko 18 ko 20. A ganina wannan ɓata lokaci ne. Wanda ya riƙe 22 daga farko har ƙarshe zai fi wanda ke lilo tsakanin 14 da 20 samun kaifi, domin lilon yana zagaye bakin ya mayar da shi kamar gadon kunkuru.

Yanzu shafa maka a gefen bakin duka, daga mariƙi zuwa tsini. Goga sau uku a hankali ka duba. Idan tawadar ta goge daga sama amma ta rage a can bakin-bakin, ka kwantar da yawa ko tsohuwar kusurwar ta fi taka faɗi, dutse bai taɓa kaifin ba tukuna. Idan siririn layi ne kawai ya goge a bakin, sauran na nan, ka ɗaga da yawa. A wuƙar da ta sha dakalin siminti, za ka ga tawadar ta goge nan ta bar can. Kada ka bi wannan karkacewar, riƙe taka kusurwar har dutse ya daidaita ta.

4. Dutse mai kaushi: nan aikin yake

Riƙe mariƙi da hannun dama, babban yatsa a jikin ruwan wuƙar kusa da gindi. Yatsu biyu ko uku na hagu su zauna a kan ƙarfen, kusa da baki, daidai wurin da ke kan dutse. Kulle wuyan hannu, motsin ya fito daga kafaɗa da gwiwar hannu. Tura wuƙar gaba ka dawo da ita, kana amfani da tsawon dutsen duka, wuƙar a ɗan karkace ba a gicciye sak ba. Nauyin dannawa kamar kilo 2. Idan akwai sikeli a gida, danna shi sau ɗaya ka ji yadda kilo 2 yake. Bayan ƴan goge-goge, matsar da yatsun gaba kaɗan, haka har tsini.

Giɓin nan yana da tarko. Zuciya za ta ce ka tsaya a kansa ka yi ta gogawa. Idan ka yi haka, giɓin zai tafi amma ya bar kwarmi a tsakiyar baki, wurin ba zai ƙara taɓa katakon yanka ba, albasa ta riƙa fita a manne da juna. Dole bakin duka ya sauka da wannan milimita ɗin. Goga gefe ɗaya daga gindi zuwa tsini, juya ka yi wa ɗaya gefen gwargwadon haka, kana duba giɓin yana ƙanƙancewa. Yana iya cin rabin awa. Ba dutsen ne ya lalace ba, ƙarfe kake cirewa da hannu.

Alamar da ke cewa wannan mataki ya ƙare guda ɗaya ce. Idan gefen da kake wasawa ya ci har ya kai ainihin bakin, ƙarfen da ya yi siriri sosai zai lanƙwaso ta ɗaya gefen ya zama ɗan leɓe. Ido ba ya cika ganinsa, yatsa ne ke ji. Aza cikin babban yatsa a jikin wuƙar ta gefen da ke sama, ka ja shi daga baya zuwa baki ya fita. Za ka ji wani ɗan ƙaiƙayi yana kama fata. Bi shi kaɗan-kaɗan tun daga gindi har tsini. Wurare biyu ne suka fi makara: santimita na ƙarshe kusa da mariƙi, da lanƙwasar da ke kusa da tsini. Inda babu leɓe, nan ba a gama ba, koma can. Idan ya fito ko'ina, juya wuƙar ka wasa ɗaya gefen har leɓen ya koma gefen farko, shi ma ko'ina.

Mai wuƙa mai ƙyalli da ba ta yanka tumatir, a nan ya kauce. Gefunan biyu ba su haɗu ba ya wuce dutse mai laushi, shi kuwa mai laushi ba ya cin ƙarfen da zai haɗa su. Sai ya goge kafaɗun bakin suka yi haske, bakin yana nan a dakushe. Juya bakin sama a ƙarƙashin rana ka gani: baki mai kaifi ba ya mayar da haske, inda ka ga siririn farin layi yana walƙiya, wurin a kwance yake.

Gargaɗi: ana jan yatsa a gicciye ne, daga baya zuwa waje. Ba a taɓa bin tsawon bakin da yatsa.

Gargaɗi na biyu, ga masu kai wuƙa wurin injin washi ko wurin mai walda don a gaggauta cire giɓi. Busasshen inji yana zafafa siririn bakin cikin daƙiƙa kaɗan. Idan ka ga ƙarfen ya yi ruwan ƙasa ko shuɗi, taurinsa ya tafi a wurin, kuma ba zai ƙara riƙe kaifi ba sai an cinye wannan ɓangaren. In dole ne, a riƙa taɓawa kaɗan ana tsomawa a ruwa, a tsaya kafin a kai bakin, ka ƙarasa a gida.

5. Dutse na 1000

Wanke wuƙar da hannunka kafin ka sauya dutse. Ƙwayar dutse mai kaushi guda ɗaya, ko rairayin da iska ta watso, ta isa ta karce aikin. Sake shafa maka, sake aza sulalla, kusurwar ba ta canzawa.

Aikin wannan dutse shi ne share zurfafan zanen da na farko ya bari. Rage dannawa zuwa rabi. Kalli gefen a haske: idan manyan zanen sun ɓace, ƙanana masu kama da juna sun maye gurbinsu, kuma ka ji sabon leɓe ƙarami a tsawon bakin, juya. Minti kaɗan ne a kowane gefe. Idan ka ga kana neman kwata ɗin awa a nan, mataki na 4 bai cika ba, koma baya. Wanda ke kan samfefa, ya bi P400, P800, sannan P1500, kuma ya riƙa jan wuƙar baya-baya, bayanta na gaba, don kada bakin ya yanke takardar.

Kada ka yi babban tsalle. Daga 220 kai tsaye zuwa 3000 ba ya yiwuwa. A bar lambar kowane dutse ta ninka ta wanda aka gama da shi sau biyu zuwa huɗu ko kusa da haka.

6. Cire leɓen

Mai wuƙar da ta mutu a tsakiyar fiɗa, ga naka. Leɓen nan idan ya miƙe tsaye yana yanka sosai, har gashin hannu yana askewa. Amma ƙarfe ne da ya gaji, da ya haɗu da fata ko katako sai ya kwanta ya rufe bakin. Ƙarfen da ba ya tsatsa mai taushi ya fi kowane taurin kai a nan, leɓensa yana ta komawa hagu da dama ba ya faɗuwa.

A kan dutsen 1000 ɗin, riƙa shafa sau ɗaya a wannan gefe, sau ɗaya a wancan, bakin na gaba kamar za ka fere saman dutsen. Kowace shafa ta fi ta baya sauƙi, har ya zama nauyin wuƙar kaɗai ke kan dutse. Kamar goma a kowane gefe, sai ka taɓa. Idan ya ƙi, ɗaga bayan wuƙar kaɗan fiye da kusurwarka, ka yi shafa biyu marasa nauyi a kowane gefe, sannan ka koma kusurwar.

Daga nan sai fata. Shimfiɗa ta a kan katako, ka ja wuƙar baya-baya yadda wanzami ke yi wa aska, sau goma a kowane gefe, ba dannawa. A ƙarshen kowace ja, ɗaga wuƙar sama a yadda take. Murɗa hannu a ƙarshe yana zagaye bakin da ka sha wahala a kansa.

Gwaji: nunannen tumatir. Aza bakin ka ja ba tare da dannawa ba, ya kamata ya kama fatar nan take. Sannan ka yanka katako mai taushi sau biyu ko uku ka sake gwadawa. Idan kaifin ya gudu, leɓe ne, maimaita wannan mataki.

7. A wuce 1000 ko a tsaya?

Ga wuƙarmu, a tsaya. Dutsen 1000 yana barin ƙananan haƙora da ido ba ya gani, su ne ke kama fatar tumatir, jijiya da tantanin nama. Ƙarfe mai taushi idan aka kai shi 6000 yana yin santsi, kyan ya tafi a yini ɗaya. Wuƙa mai ƙarfe mai tauri da ake yankan ganye ko feren nama siriri irin na kilishi, ita ce za ta amfana da 3000, da ƴan shafa marasa nauyi.

8. Wuƙar farauta da ta fiɗa

Matakan ba su canza ba, abu uku ne suka bambanta. Kusurwa tsakanin 20 da 25, domin tana haɗuwa da gaɓa, da gashi mai cike da rairayi. Wuƙa mai faɗin santimita 3, ɗaga bayanta santimita 1 ya ba ka wajen 20, milimita 12 zuwa 13 ya kai ka kusa da 25. Da yake bayan irin wannan wuƙa yana da kauri, auna zuwa tsakiyar kaurin, ba zuwa gefen ƙasa ba.

Na biyu, cikinta a lanƙwashe yake sosai, kuma da wannan lanƙwasa ake fiɗa. Idan ka iso wurin, ɗaga mariƙi sama sannu a hankali kana bin zagayen, in ba haka ba dutse zai ci kafaɗa ya bar bakin. Maka za ta nuna maka ko ka ɗaga daidai. Kada tsinin ya zame ya faɗa daga gefen dutse, haka ake dakusar da shi.

Na uku, tsaya a 1000, ko ma 600 idan shi gare ka, sai fata. Wani dattijon mahauci da na taɓa tambaya me ya sa ba ya neman dutse mai laushi, cewa ya yi: "Ɗana, nama nake yanka, ba gemu ba." Na ce, "Gaskiya ne, Baba." Ƙashi kuwa a bar wa adda ko gatari, babu kusurwar da za ta ceci wuƙar fiɗa daga sara.

Wuƙaƙen maƙeranmu, waɗanda galibi ake ƙerawa da tsohon sifirin ɗin mota, suna karɓar washi da sauri kuma leɓensu yana fita ba gardama. Matsalarsu tsatsa. Da ka gama, goge ta bushe ƙarau, shafa ɗan mai, sannan ta shiga kube. Ta layya kuma a wasa ta tun jajibere. Ban da cewa an hana wasa wuƙa a gaban dabbar da za a yanka, safiyar Sallah ba lokacin neman leɓe ba ne.

9. Bayan an gama

Wanke dutsen, ka jingine shi a inuwa ya bushe da kansa. Ranar Damagaram tana iya tsaga jiƙaƙƙen dutse. Idan ya bushe, naɗe kowanne a tsummansa daban saboda ƙura.

Uwargida, abin da ya fi kashe wuƙa a madafa shi ne yanka a kan tire, faranti ko bayan tukunya. Katako ko roba za a sa. Idan wuƙar ta fara ja da baya, a soma da fata. In ba ta dawo ba, minti biyu ko uku a kan 1000 a kusurwar da aka saba, a cire leɓe. Dutse mai kaushi ba ya sake fitowa sai an ga giɓi, ko tsini ya karye, ko farin layin nan ya ƙi ɓacewa bayan minti 5 a kan 1000.